Minti Uku Kafin A Kunna Majigi

Tun zamanin da motocin majigi ke zaga garuruwan Arewa suna nuna finafinai irin su Baban Larai, ba a haska farin ƙyalle sai mai bayani ya kama lasifika ya shirya zukatan jama'a. Yau da matasa ke farfaɗo da kallon dare a unguwanni, wannan jawabi shi ne abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ko dai a kunna fim babu ko sallama, ko kuma a ɓata rabin awa ana jero sunayen manyan baƙi.

Jawabin kirki ba ya wuce minti uku, domin an taru ne bayan sallar isha'i, janareta yana shan mai, yara kuma barci na fizgarsu. Gaisuwa ga mai unguwa, liman da iyaye mata numfashi ɗaya ya ishe ta. Ragowar lokacin na fim ne: wa ya yi shi, yaushe, me za a lura da shi, kuma tsawonsa nawa.

A ɗauki Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarninsa a 1976. Mai jawabi zai iya cewa: "Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe mai unguwa, Allah gafarta malam, iyayenmu mata, barkanmu da dare. Fim ɗinmu na yau daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa aka ciro shi, wanda ya rubuta tun yana malamin makaranta, kafin ya zama Firayim Minista. Labarin yaro ne da aka raba da mahaifiyarsa a zamanin cinikin bayi, har aka ƙetare Sahara da shi. Ku sa ido a kan uwar, ku ga abin da ta jure wajen neman ɗanta. Fim ɗin ya haura awa biyu, don haka masu ƙananan yara su zauna ta gefe. Bismillah."

Nan ya kamata ya tsaya. Bai faɗi ko uwar ta ga ɗanta ba, domin wanda ya tona ƙarshen labari ya kashe kallon tun ba a fara ba. Ya kuma ba jama'a zare guda su riƙe, abin da tsohon fim mai tafiyar hawainiya yake bukata a gaban matasan da suka saba da gajerun bidiyon waya. Faɗin tsawonsa kuwa yana hana mutane watsewa a tsakiya da ƙorafi.

Gane jawabin da ya zarce ba wuya: hasken wayoyi zai fara bayyana a layin baya, yara su koma wajen mai gyaɗa. Saboda haka, duk wanda aka ɗora wa wannan aiki ya kalli fim ɗin tun daga farko har ƙarshe kafin ranar, ya rubuta kalamansa, ya kuma gwada su da agogo a hannu.