Yadda Rada Ke Tsamo Sigina Daga Cikin Hayaniya

Na'urar rada da ke filin jirgin sama tana harba ɗan gajeren bugun igiyar rediyo, sai ta yi shiru tana saurare. Bugun ya tafi, ya daki jikin jirgi, ɗan abin da ya rage ya dawo. Abin da ke dawowa kuwa ƙanƙani ne ainun, sau da yawa bai ma kai ƙarfin hayaniyar da ke cikin na'urar kanta ba. Wannan hayaniya ba lalacewa ba ce. Duk wayar da ke da ɗumi, ƙwayoyin lantarkin cikinta suna kai da kawowa ba tsari, su ne ke haifar da irin shuuu ɗin nan da ake ji idan an murɗa rediyo tsakanin tasha da tasha. Injiniyoyi na kiranta farar hayaniya idan ƙarfinta ya bazu daidai a kowane saurin kaɗawa, kuma abin da ta yi yanzu bai gaya maka komai game da abin da za ta yi nan gaba kaɗan ba.

To ta yaya za a gane cewa jirgi na nan? Ƙara murya ba ya magani, domin amfilifaya ba ta san bambanci ba, tana ɗaga sigina da hayaniya tare. Abu ɗaya ne mai rada ya fi hayaniya da shi: ya san siffar bugun da yake jira, tunda shi ya aika shi. A shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, D. O. North na ɗakin binciken kamfanin RCA a Princeton ta Amurka ya rubuta rahoton da ya nuna yadda za a ci moriyar wannan sani har iyakarsa. Rahoton ya zauna a asirce, sai a 1963 aka buga shi kowa ya gani. J. H. Van Vleck da David Middleton su ma sun cimma wannan sakamako, suka buga nasu a 1946. Abin da suka samo shi ne matacin dacewa, wato matacin da aka ɗinka daidai da jikin siginar da ake nema.

Mu fara da misali mai sauƙi. A ce bugun shimfiɗaɗɗe ne, tsayinsa milibolt 1, kuma na'ura tana auna shi sau 100 kafin ya wuce. Hayaniya kuwa tana hawa da sauka, gwargwadon girmanta milibolt 2. Idan ka dubi awo guda, ba za ka ga komai ba, hayaniya ta ninka sigina biyu. Amma tara awon nan 100 wuri ɗaya. Sigina duk gefe guda take, don haka jimillarta 100 ce cif. Hayaniya ko wani awon ya yi sama, wani ya yi ƙasa, suna cinye juna, shi ya sa ba ta ninkuwa sau 100, sai sau 10 kawai, wato lambar da in an ninka ta da kanta take ba da 100. Ta zama 20 ke nan. Yanzu sigina ta ninka hayaniya sau 5. Da yake ana kwatanta ƙarfi ne, shi kuma ƙarfi ana samunsa ta ninka tsayi da kansa, rabon sigina da hayaniya ya tashi daga 0.25 zuwa 25. Ba a ƙara ko ɗigon wuta ba, tarawa kawai aka yi.

Inda abin ya fi daɗi shi ne idan bugun ba shimfiɗaɗɗe ba ne. A ce awo uku gare shi: 1, 3, 2, kuma hayaniyar kowane awo girmanta 1. Wani zai ce a ɗauki na tsakiya kawai tunda shi ne mafi tsayi. Wannan zai ba da 3 sau 3, wato rabo 9. Wani zai ce a tara duka ukun kai tsaye. Sigina ta zama 6, ƙarfinta 36, ƙarfin hayaniya 3, rabo 12. An samu ci gaba, amma an yi kuskure ɗaya: an ba awon farko, mai ɗauke da sigina kaɗan da hayaniya cikakkiya, matsayi ɗaya da na tsakiya. Kamar alƙali ne ya ba shaidar wanda ya hango abu daga nesa nauyi ɗaya da ta wanda aka yi a gabansa. Matacin dacewa yana ninka kowane awo da girman da ake sa ran gani a wurin: na farko sau 1, na biyu sau 3, na uku sau 2. Sigina ta zama 1 + 9 + 4 = 14, ƙarfinta 196. Ƙarfin hayaniya shi ma 1 + 9 + 4 = 14. Raba 196 da 14, ka samu 14. Mai karatu ya gwada duk nauyin da ya ga dama, ba zai wuce 14 ba. Akwai ƙa'idar lissafi ta Cauchy da Schwarz da ta tabbatar da cewa irin wannan jimilla ba ta kaiwa ƙololuwa sai nauyin ya bi siffar sigina.

A rubuce, idan sigina s(t) ce mai tsawon lokaci T, matacin shi ne:

h(t) = s(T − t)

Wato sigina ce aka juya baya ya koma gaba. Dalilin juyawar shi ne yadda mataci ke aiki: awon da ya fara shiga shi ne ya fi daɗewa a ciki, don haka shi ke haɗuwa da nauyin ƙarshe. Ɗalibai kan manta da wannan. A misalinmu, in ba a juya ba, nauyi 2, 3, 1 ne zai hau kan awo 1, 3, 2, sigina ta zama 13, rabo ya sauko kusan 12.

Lura da wannan 14 da kyau. Ita ce jimillar kowane awo an ninka shi da kansa, wato kuzarin bugun baki ɗaya. A siginar da ke gudana ba yankewa, sakamakon shi ne:

SNR = 2E / N₀

E kuzarin bugun ne da ya iso, N₀ kuma ƙarfin hayaniya a kowane has ɗaya na faɗin zango. A ganina wannan ɗan layi shi ne zuciyar maganar, saboda abin da babu a cikinsa. Babu siffa, babu tsayi, babu saurin kaɗawa. Gajeren bugu mai tsayi da dogon bugu mai rauni, muddin kuzarinsu ɗaya, ana gano su da sauƙi iri ɗaya. Siffa tana gaya maka yadda za ka ƙera matacin, kuzari ne ke yanke iyakar abin da za ka samu.

Mu sa lambobin rada. A zafin ɗaki, kusan kelbin 290, hayaniyar ɗumi tana kai N₀ = 4 × 10⁻²¹ wat a kowane has, kafin a ƙara wadda na'urar karɓa ke kawowa. A ce amon da ya dawo ƙarfinsa 10⁻¹⁴ wat ne, tsawonsa kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Kuzarinsa 10⁻²⁰ jul ke nan, rabo kuma 5, kusan desibel 7. Wannan bai isa a dogara da shi ba. Tsawaita bugun sau goma ba tare da taɓa ƙarfin na'urar harbawa ba, rabo ya zama 50, kusan desibel 17, jirgi ya fito sarari.

Sai dai tsawaitawar na da tsada. Gajeren bugun yana bambance jirage biyu da ke da tazarar mita 150 a tsakaninsu, dogon kuwa sai tazarar ta kai mita 1,500, in ba haka ba su haɗe su zama abu guda. A nan ne rashin siffa a cikin lissafin ya zama alheri. Tunda kowace siffa za ta ba da rabo ɗaya, injiniya na da 'yancin zaɓar wadda ta fi masa amfani. Sai ya aika dogon bugu wanda saurin kaɗawarsa ke hawa daga farko zuwa ƙarshe. Irin wannan bugu ba ya dacewa da kwafinsa sai sun hau kan juna daidai. Da an ɗan goce, jimilla ta rushe. Matacin sai ya matse dogon bugun ya zama siririn tsini. Idan hawan ya kai faɗin has miliyan ɗaya, an dawo da mita 150 ɗin, kuma kuzarin dogon bugu na nan.

Wannan ya nuna wani abu da ake yawan ruɗewa a kai: matacin dacewa ba ya tsabtace sigina ya mayar da ita yadda take. Shimfiɗaɗɗen bugu in ya shiga, abin da ke fita tudu ne mai kusurwa uku, faɗinsa ninki biyu na asali. Rabon 2E/N₀ a kan tsinin tudun kaɗai yake, a lokaci T. Wanda ya duba a tsakiyar hawan, rabin tsayi zai gani, wato rubu'in rabon, asarar desibel 6. Don haka bai dace da gyaran murya ko waƙa ba. Aikinsa amsa tambaya biyu: akwai ko babu, kuma yaushe.

Ko amsar ma ba ta da tabbas ɗari bisa ɗari. Dole a ja layi, abin da ya haura shi a ce jirgi ne. A misalin awo 100, tsini yana 100, hayaniya 20. In aka ja layi a 50, hayaniya kaɗai za ta haura shi kusan sau 6 cikin dubu, kuma za a rasa jirgi na gaske kusan sau 6 cikin dubu. Ga rada mai duba miliyoyin gurabe, ƙararrawar ƙarya 6 cikin dubu ta yi yawa, sai a ɗaga layin, a kuma nemi ƙarin kuzari don kada jirage su riƙa sulalewa.

Sharuɗɗa biyu ne ke riƙe da lissafin, kuma duka suna iya karyewa. Na farko, a san siffa. Jirgi mai gudu yana canza saurin kaɗawar amon da ya dawo, sai kwafin da ke hannu ya daina dacewa. Alamar hakan ita ce tsini ya gajarce ko ya goce daga wurinsa. Maganin shi ne a jera matatai da yawa, kowanne da saurin da aka ɗinka masa, a ga wanda ya fi ɗagawa. Na biyu, hayaniya ta zama fara. In ta fi yawa a wani zango, sai an fara daidaita ta, a rage nauyin inda ta yi kauri, sannan a ƙera matacin bisa siffar da sigina ta koma. Amon da ke dawowa daga ƙasa ko ruwan sama kuwa matsala ce ta daban, domin shi ma kwafin bugun ne, yana ratsa matacin kamar na jirgi, ƙara kuzari kuma yana ƙara shi.

Duka gyare-gyaren biyu na farko sun yi aiki a ranar 14 ga Satumba 2015, lokacin da na'urorin LIGO da ke Hanford da Livingston a Amurka suka kama girgizar sararin samaniya daga haɗuwar baƙaƙen ramuka biyu. Hayaniyarsu ba fara ba ce, sai da aka daidaita ta. Ba a kuma san nauyin ramukan tun farko ba, don haka aka gwada bayanan da kwafi kusan 250,000 da aka lissafo daga ka'idar Einstein. Siginar ba ta wuce kusan kashi biyu cikin goma na daƙiƙa ba, kuma a kwafin da ya fi dacewa, tsininta ya ninka girman hayaniya sau 24.