Kafin ka sayi janareta, lissafa kayan gidanka

Yawancin masu zuwa sayen janareta lambar da ke jikin kwali suke dubawa, sai kuma farashi. Amma lissafin gaskiya daga gida yake farawa: me da me za a kunna a lokaci guda?

Ɗauki gida mai ƙwan fitila 6 na zamani, kowanne wat 10, da fanka 3 masu wat 70, da talabijin mai wat 100, da firiza mai wat 150. Jimilla wat 520 ke nan. Sai dai firiza tana da wani hali: duk lokacin da injinta zai tashi, takan fizgi ninki uku ko huɗu na abin da take ci. A wannan ɗan lokacin, buƙatar gidan kan kusanci wat 1,000. Shi ya sa ƙaramin injin nan mai wat 650, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, yake shaƙewa da zarar an jona masa firiza: ƙararsa ta canza, fitilu su dusashe, ya mutu.

A jikin janareta za ka ga lambobi biyu, "Rated" da "Max". Ta farkon ka riƙe, domin ita ce nauyin da zai iya ɗauka na tsawon lokaci. Ta biyun ta ɗan taƙaitaccen lokaci ce. Idan da kVA aka rubuta, ninka da 0.8 don ka tsaya a tudun mun tsira. Mai 1.5 kVA zai ba ka wat 1,200, ya ishi wannan gida. Idan kuwa uwargida za ta yi guga, dutsen kaɗai yana cin wat 1,000, sai a koma 2.5 kVA.

Girma kuwa da kuɗinsa yake tafe. Mai 2.5 kVA yana shan kusan lita ɗaya a awa da matsakaicin kaya, don haka tankin lita 15 kan kai wajen awa 15. Awannin da ake rubutawa a kwali galibi da rabin kaya aka auna su. Babban inji ko fanka ɗaya yake juyawa sai ya sha mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023, wannan ɓarna ce da aljihu ke ji.

Ƙara da dB ake aunawa, yawanci daga nisan mita 7. Hirar mutane tana wajen 60, janareta mara rufi yakan kai 70 ko ya wuce, kuma ƙarin 10 a kunne kamar ninki biyu ne. Kada ƙara ko tsoron ɓarayi su sa ka shigar da shi ɗaki ko soro a rufe. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba mara wari, wadda ke kashe mutane cikin barci. A fili ake ajiye shi, nesa da taga, salansa na kallon waje.