Haddin Lafiya a Takardar Gwajin Jini

Galibin mutanen da suke karɓo takardar sakamako daga ɗakin gwaji, tun kafin su isa gaban likita sun riga sun yanke wa kansu hukunci, domin idonsu yakan faɗa kan harafin H ko L da na'ura ta buga a gefen wata lamba, sai hankali ya tashi, alhali kuwa wannan harafi iyakar abin da yake faɗa shi ne lambar ta haura, ko ta gaza, wani haddi da aka rubuta a layi na gaba. Kowane gwaji a takardar yana da abubuwa huɗu a jere: sunansa a taƙaice, lambar da aka samu a jinin mutum, ma'aunin da aka auna da shi, sannan lambobi biyu, na ƙasa da na sama, waɗanda su ne haddin. Wanda ya san yadda aka samo waɗannan lambobi biyu, shi ne zai iya ba harafin haƙƙinsa ba tare da ya ƙara masa ko ya rage ba.

Ƙa'idar da ma'abota wannan fanni suka yi ittifaƙi a kanta ita ce a tara mutane masu lafiya, aƙalla 120, a auna jininsu, a jera sakamakon daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, sa'an nan a yanke kashi biyu da rabi cikin ɗari daga kowane gefe, abin da ya rage a tsakiya, wato kashi 95, shi ake kira haddi. Ma'anar wannan kuwa ita ce, a cikin mutum ashirin masu cikakkiyar lafiya, akan samu kimanin ɗaya da lambarsa za ta faɗa waje, kuma tun farko da saninsu aka bar shi a wajen. Idan aka yi wa mai lafiya gwaji ashirin waɗanda ba su da alaƙa da juna, lissafi ya nuna yiwuwar a samu aƙalla ɗaya da alama ta kai kusan kashi 64 cikin ɗari. Ashe ke nan doguwar takarda wadda ta fito babu alama ko ɗaya ita ce ta fi ƙaranci.

Mu ƙaddara wata mace mai cikin wata bakwai ta je awo, aka ɗebi jininta, takarda ta fito da alama uku. An rubuta HGB 9.8 g/dL da harafin L, haddi 12 zuwa 15, MCV 72 da harafin L, haddi 80 zuwa 100, WBC 11.8 da harafin H, haddi 4 zuwa 11. Mai kallo zai fi tsorata da na ukun, domin an saba jin cewa yawan fararen ƙwayoyin jini alamar ƙwayar cuta ce a jiki, amma a nan shi ne mafi sauƙin sha'ani, saboda juna biyu kansa yana ɗaga yawan fararen ƙwayoyin, kuma haddin da na'urar ta buga na mutanen da ba su da ciki ne. Matuƙar ba ta da zazzaɓi, ko zafin fitsari, ko wani ciwo da ke sa a yi zato, likita yakan wuce wannan lamba bai ce komai ba.

Na farkon kuwa, wato HGB, shi ne sinadarin da ke sa jini ya yi ja, mai ɗaukar iska daga huhu zuwa gaɓɓai, kuma shi ake nufi idan an ce wa mutum jininsa ya yi ƙasa. A nan ma haddin da aka buga bai dace da ita ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya iyakar ƙasa a kan 13 ga namiji baligi, 12 ga macen da ba ta da ciki, 11 ga mai ciki, saboda ruwan jinin mai ciki yana ƙaruwa fiye da ƙwayoyinsa har ya tsarma su. Sai dai ko da mizanin masu cikin aka auna ta, 9.8 ta gaza, don haka wannan alama gaskiya ta faɗa, akwai ƙarancin jini, matsakaici, bai kai mai tsanani ba, wanda ake ƙidaya shi daga ƙasa da 7. Wasu asibitocin PCV suke rubutawa a madadinsa, wanda yakan zo kusan ninki uku na lambar HGB, wato nata zai kama wajen 29 ko 30.

Lambar da mutane ba su cika kula da ita ba, MCV, ita ce take nuna inda matsalar ta dosa, domin girman jajayen ƙwayoyin jini take aunawa. Idan jini ya yi ƙasa kuma ƙwayoyin suka ƙanƙance, kamar yadda 72 ta nuna, zato mafi rinjaye shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ɗan tayi yake ja daga jikin uwa, balle idan haihuwa ta yi kusa da kusa ko akwai tsutsar ciki. Da ƙwayoyin sun kumbura sun haura 100, da sai tunani ya koma kan ƙarancin wasu sinadarai na abinci dabam. Amma fa zato ne, bai kai yaƙini ba, domin akwai wani hali na gado a jinin mutanen Afirka ta Yamma da yawa wanda shi ma yake ƙanƙanta ƙwayoyin ba tare da ƙarfe ya gaza ba. Shi ya sa likita zai ba ta ƙwayar ƙarin jini, ya duba ko akwai zazzaɓin cizon sauro, ya ce ta dawo bayan 'yan makonni a sake awo. Idan lambar ta hau, zaton ya tabbata, idan ta ƙi motsi alhali tana shan maganin yadda ya kamata, sai a faɗaɗa bincike.

Akwai kuma wata shubuha da ta shafe mu kai tsaye. Yawancin na'urorin nan daga ƙasashen waje ake kawo su, sau da yawa kuma da haddin da aka ɗauko daga jinin Turawa ake aiki, alhali mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma suna da wani nau'in jini na gado wanda yake sa kashin fararen ƙwayoyi da ake rubutawa NEUT ya kasance ƙasa da na Turawa, ba tare da wata illa ga garkuwar jikinsu ba. Saboda haka ƙaƙƙarfan manomi, wanda ko ciwon kai ba ya yi, zai iya ganin 1.6 da harafin L a inda aka ce haddi daga 2 ya fara, kuma haka Allah ya halicce shi.

Ma'auni ma abin lura ne ga masu ƙetare iyaka neman magani. Sukarin jini na wanda bai karya kumallo ba, iyakar da ake fara zaton ciwon sukari a kanta ita ce 126 mg/dL, wadda ita ce 7.0 mmol/L a wani ɗakin gwajin, ita ce kuma 1,26 g/L a takardun da ake rubutawa bisa tsarin Faransa, kamar na Maraɗi ko Damagaram. Mutum ya ɗauki takardar Katsina ya gwama da ta Maraɗi ba tare da duba ma'aunin ba, sai ya ɗauka sukarinsa ya faɗi warwas, alhali ko kaɗan bai motsa ba.

Abin da na fi jiye wa tsoro shi ne takardar da ta fito fes. Namijin da HGB ɗinsa yake 16 a bara, bana ya koma 13.5, na'ura ba za ta buga masa kowane harafi ba, domin ba ta san bara ba, ga shi kuwa ya yi asarar jini mai yawa wadda la'alla gyambon ciki ne yake zubar da shi a ɓoye. Likita ba zai gane haka ba sai an ajiye masa tsohuwar takarda kusa da sabuwa, don haka a riƙa adana su a wuri ɗaya bisa jerin kwanan wata, a tafi da su duk ranar ganin likita, a kuma gaya masa magungunan da ake sha, na asibiti da na gargajiya, da ko an ci abinci kafin a ɗebi jinin.