Ranar da JetBlue Ya Ce Laifinsa Ne

A ranar 14 ga Fabrairu, 2007, guguwar ƙanƙara ta sauka a birnin New York. A filin jirgin sama na John F. Kennedy, jiragen kamfanin JetBlue sun riga sun kwashi fasinjoji sun baro ƙofar shiga, bisa tsammanin sararin sama zai washe nan ba da jimawa ba. Bai washe ba. Jiragen suka maƙale a fili, ba tashi ba komawa, wasu fasinjojin suka shafe sama da awa 10 a kulle, abinci ya ƙare, bayan gida ya cika. Kafin al'amura su daidaita, an soke tashin jirage sama da 1,000 cikin kusan mako guda.

Kamfanin yana da uzuri a hannu, domin ƙanƙara ba aikin mutum ba ce. Amma shugabansa, David Neeleman, bai fake da ita ba. Ya rubuta wa fasinjoji wasiƙa, wadda aka buga a jaridu, yana cewa sun ji kunya kuma suna neman gafara. Ya kuma faɗi inda gizo ke saƙar. Sauran kamfanoni sun soke tafiye-tafiyensu tun da wuri, shi ya sa suka farfaɗo cikin kwana ɗaya ko biyu. JetBlue kuwa ya nace sai ya tashi. Da abin ya rikice, matuƙa da ma'aikatan jirgi suka warwatse a garuruwa daban-daban, sashen da ke tsara musu aiki ya kasa haɗa su da jiragensu, layukan waya kuma suka cushe.

A ganina wannan bayanin shi ne ƙashin bayan ban haƙurin. Wanda ya ce maka "a yi haƙuri da abin da ya faru" bai ɗauki nauyin komai ba, kamar abin daga sama ya faɗo. Wanda ya ce "mun ƙi soke tafiya a lokacin da ya kamata" ya nuna ya san kuskurensa, kuma sai wanda ya san ciwo ne ake sa ran zai samo maganinsa.

Sai batun diyya. Waɗanda suka zauna cikin jirgi fiye da awa 3 an mayar musu da kuɗinsu, an ƙara musu da tikitin zuwa da dawowa kyauta. Kusan mako guda bayan guguwar, kamfanin ya fitar da rubutacciyar takardar haƙƙin fasinja, wadda ta ɗaure shi da lambobi. Jinkiri kaɗan, takardar rangwame ta dala 25. Gwargwadon tsawon jinkiri, gwargwadon ƙarin diyya, har ta kai kuɗin tikitin zuwa da dawowa. Wanda aka hana shi kujerarsa saboda an sayar da tikiti fiye da kujeru, dala 1,000. Kuma an yi alkawarin ba za a bar mutane cikin jirgi a ƙasa fiye da awa 5 ba tare da an ɗauki matakin sauke su ba.

Amfanin lamba shi ne ana iya kama mutum da ita. Fasinja zai dubi agogo, ya dubi takarda, ya san abin da yake bi. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ana gobe sallah aka ce masa "in Allah ya yarda za mu duba" ya san bambancin wannan da "ka dawo ƙarfe huɗu, idan ba a gama ba kuɗin ɗinkin na yafe".

Sai dai takardar tana da iyaka, kuma bai kamata a ɓoye ba. Yawancin diyyar ba tsabar kuɗi ba ce, rangwame ne a kan tafiya ta gaba, wato sai ka sake hawa jirgin kamfanin da ya ɓata maka rai kafin ka ci moriyarta. Diyyar jinkirin tashi kuma ta tsaya ne ga matsalar da ke hannun kamfanin, ban da ta yanayi, kuma kamfanin ne ke tantance wacce ce wacce.

Shi kansa Neeleman ban haƙurin bai cece shi ba. A watan Mayu na wannan shekarar, majalisar daraktoci ta sauke shi daga kujerar babban jami'in kamfanin da shi ya kafa. A 2010 kuma gwamnatin Amurka ta fara aiki da dokar da ta hana kamfanoni riƙe fasinjojin tafiyar cikin gida a jirgi a ƙasa fiye da awa 3 ba tare da ba su damar sauka ba.