Daga "tafi" zuwa "tahi": Me ya sa iyakar karin Hausa ta ƙi shatuwa a yankin Isawane?

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Maraɗi zuwa Damagaram ya san cewa Hausar da ya ji a tashar da ya baro ba ita ce wadda zai tarar a inda zai sauka ba. Amma a tambaye shi a wane gari ne bakin mutane ya sauya, ba zai iya nuna wurin ba. Ya wuce Agye, ya wuce Gazawa, ya tsaya Tasawa ya sha ruwa, kuma a kowace tasha magana ta yi kama da ta tashar baya.

Ƙaramar hukumar Isawane, wadda ke cikin gundumar Mayahi tana maƙwabtaka da ta Tasawa a jihar Maraɗi, tana tsakiyar wannan matsala. A kudu maso yammacinta akwai Maraɗi, inda sarakunan Katsina suka kafa sabuwar hedikwata bayan jihadin farkon ƙarni na 19. Kusa da Maraɗin akwai Tsibirin Gobir. A gabas kuma ga Damagaram. Idan aka ba mutum taswira aka ce ya shafa wa Katsinanci launi guda, Gobiranci wani, Damagaranci wani, wane launi zai shafa wa Isawane?

Masu nazarin karin harshe ba sa fara aiki da sunayen kare-kare. Da tambayoyi suke farawa. Ana tsara jerin kalmomi da gajerun jimloli waɗanda aka san bakin mutane na bambanta a kansu, a zaɓi ƙauyuka, a je a yi wa mutanen kowane ƙauye tambayoyi iri ɗaya. Ba a furta wa mutum kalmar da ake nema, domin zai maimaita abin da ya ji ne kawai. Idan ana son a ji yadda yake faɗin 5, sai a ɗaga masa hannu a ce yatsu nawa ne. Bakano zai ce "biyar", Basakkwace ya ce "biyat", mutumin Daura ko Damagaram ya ce "biyal". Sai a ɗiga alamar kowace amsa a kan taswira, a ja layi tsakanin ƙauyukan da amsarsu ta saɓa. Wannan layi shi masana ke kira aisogulos: layin da ke nuna inda siffa guda tak ta magana ta ƙare, wata ta fara.

Kowace tambaya da nata layin. Fatan mai zana taswira shi ne layuka da yawa su bi hanya ɗaya, su ɗauru wuri guda kamar damin gero. Inda aka samu irin wannan dami, ana iya cewa ga iyakar kari. Matsalar Hausa ita ce layukan nata sun fi son gitta juna.

Mu ɗauki tambayoyi huɗu da aka daɗe da sanin amsarsu a manyan garuruwa. Ta farko, "tafi" ko "tahi". Ta biyu, "zauna" ko "zamna". Ta uku, "na gaya wa Audu" ko "na gaya ma Audu". Ta huɗu, "mace ce" ko "mace ta". Kano ta ɗauki na farko a duka huɗun, Sakkwato ta ɗauki na biyu a duka huɗun. Da garuruwan nan biyu kaɗai aka tambaya, sai a ja layi mai kauri a tsakaninsu, a ce Hausa gabas da yamma ce, a tashi.

To, sa Katsina a lissafin. Bakatsine na cewa "tahi" da "zamna" da "ma", kamar Basakkwace, amma "mace ce" yake cewa, kamar Bakano. Ke nan layuka uku sun bi ta tsakanin Kano da Katsina, na huɗun kuwa ya yi can yamma, tsakanin Katsina da Sakkwato. Damin ya fara kwancewa. Sa Zariya kuma: Bazazzagi na cewa "tafi" kamar Bakano, amma "ma Audu" yake cewa kamar Basakkwace. Layin "tafi" ya haɗa Zariya da Kano, layin "ma" ya raba su. A tambaya ta huɗu ma Zazzau tana da tata amsar ta uku, don ana jin "yarinya ne" a can, ba tare da bambanta namiji da mace ba.

Tun a ƙamusunsa na 1934, G. P. Bargery ya raba Hausa gida biyu, ɓangaren Kano da na Sakkwato, kuma dole ta sa ya bar wasu kare-kare a tsakani. A 1970 Umaru Ahmed da Bello Daura suka lissafa manyan kare-kare bakwai da sunayen garuruwa. Sunayen suna da amfani wajen koyarwa, sai dai iyakokin masarautu suke bi, harshe kuwa bai san da zaman waɗannan iyakoki ba.

Ga yadda abin ya shafi Isawane. Layin "tahi" da na "zamna" sun bi can kudu, cikin Najeriya, don haka ba su raba Mayahi da Tasawa ba, ba su kuma raba su da Maraɗi ba. Cibiyar "mace ta" tana yamma, wajen Sakkwato da Adar. Cibiyar "biyal" tana gabas, wajen Daura da Damagaram. Isawane ta faɗa a filin da ke tsakanin waɗannan cibiyoyi. Wanda ya zaɓi tambayoyin da suka fi nuna halin yamma zai ga yankin ya karkata gabas, wanda ya zaɓi na gabas zai ga ya karkata yamma, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Ba Hausa kaɗai ke da wannan hali ba. A 1876 wani Bajamushe, Georg Wenker, ya fara aika wa malaman makarantun ƙauye jimloli kimanin 40 don su rubuta su da karin garinsu. A ƙarshe ya tara amsoshi daga wurare dubbai. Da aka zana taswirar, sai aka ga layukan da ke raba Jamusancin arewa da na kudu sun taho kusa da juna daga gabas, amma da suka doshi kogin Rayin sai suka baje kamar an buɗe mafici. A Faransa kuma Edmond Edmont ya zaga wurare 639 tsakanin 1897 da 1901 yana yi wa Jules Gilliéron irin wannan aiki, kuma darasin da aka ɗauka daga taswirorinsu shi ne kusan kowace kalma da nata tarihin da tata hanyar.

Ko layi guda ɗaya ma ba shi da tabbacin da ake gani a takarda. A ce mai bincike ya tambayi ƙauye ɗaya ya ji "biyar", ya tafi wani mai nisan kilomita 30 ya ji "biyal". Zai ja layinsa a tsakiya, a kilomita 15, ba don ya san nan ne sauyin yake ba, sai don bai tambayi ƙauyukan da ke tsakani ba. Idan ya koma ya tambaye su, abin da aka saba tararwa shi ne garin da ake jin duka biyun, wani lokaci ma a bakin mutum ɗaya. A nan dole ya yanke hukunci. Idan mutum 6 cikin 10 suka ce "biyal", garin ya shiga gabas ke nan? Sauran huɗun fa?

Sai batun wa aka tambaya. Tsohuwar al'adar wannan fage ita ce a nemi dattijon da aka haifa a garin, wanda bai yi yawo ba. A ƙasar da samari ke fita cin rani zuwa Kano ko Agadas ko Libiya kowace shekara, irin wannan dattijo ba shi ne hoton garin ba. Mata kuma sau da yawa daga wani ƙauye aka auro su, sun zo da bakin gidansu, kuma a hannunsu yara ke fara koyon magana. Taswirar da aka zana da bakin tsofaffin maza kaɗai ta bar fiye da rabin gari a waje. Ga kuma rugagen Fulani da zangon Buzaye da ke jin Hausa da nasu salon, waɗanda kan fito a taswira kamar tsibirai.

Akwai kuskuren da ya fi waɗannan wuyar ganewa. Mutum ya ga baƙo da takarda da biro, sai ya gyara zama ya gyara baki, ya koma Hausar rediyo da ta finafinan Kano. Shi ma mai rubutawa, idan ya saba da daidaitacciyar Hausa, kunnensa zai ji "hita" hannunsa ya rubuta "fita". Ana gane haka idan aka ga duk ƙauyukan da ma'aikaci ɗaya ya je sun fito da amsa iri ɗaya, kuma layin ya bi daidai inda aikinsa ya tsaya na wani ya fara. Maganinsa shi ne a naɗi murya, a bar mutum ya yi hira ta sakin jiki kan noma ko farashin wake, sannan wani dabam ya sake saurare.

Saboda irin wannan ne Jean Séguy, wani masani Bafaranshe, ya fito da wata dabara a farkon shekarun 1970: a daina neman layi, a ƙirga tazara. Idan an yi tambaya 100, ƙauyuka biyu suka saɓa a 8, tazararsu kashi 8 cikin ɗari ce. Da tambayoyinmu huɗu na ɗazu, tazarar Kano da Sakkwato huɗu ce, ta Kano da Katsina uku, ta Katsina da Sakkwato ɗaya. Taswirar da ke fitowa ba ta da shinge, launi ne ke dusashewa a hankali. Ita ma tana da rauninta, domin ta ba kowace tambaya nauyi ɗaya, alhali bambancin kalma guda bai kai bambancin da ke ratsa ɗaruruwan jimloli ba.

Abin mamaki, damin da ya fi kowanne ɗauruwa a ƙasar Hausa shi ne mafi ƙarancin shekaru. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba kalmomin aro: "lakwal" da "bik" da "zandarma" a arewa, kalmomin Ingilishi irin su "biro" a kudu. Amma wannan dami a kan kalmomin boko da na gwamnati kawai yake. Ta fuskar furuci da nahawu, mutumin Maraɗi ya fi kusa da Bakatsine fiye da yadda Bakatsinen yake kusa da Bazazzagi, duk da ƙasarsu ɗaya.

Maganar ba ta masana kaɗai ba ce. Tun 1973 Nijar ta fara gwada koyarwa da harsunan gida a firamare, kuma duk littafin da za a buga sai an zaɓi yadda za a rubuta kalma. Yaron Isawane da ya tashi yana jin "zamna" zai buɗe littafi ya ga "zauna", kamar yadda yayansa da ke aiki a Kano kan sha tsokana idan ya ce "tahi". A tarihin harshen kuwa "zamna" da "sabka" da "amre" su ne tsofaffin siffofi. A bakin Kano ne baƙin ƙarshen gaɓa ya sassauta ya koma "u", aka samu "zauna" da "sauka" da "aure", sauyin da August Klingenheben ya bayyana tun a shekarun 1920, kuma masana ke kiransa da sunansa har yau.