Haya a Faransa: abin da mai gida ke iya cirewa kafin lampo ya hau kuɗinsa

Kowace shekara, tsakanin Afrilu da farkon Yuni, mazauna Faransa na zama gaban shafin impots.gouv.fr don bayyana abin da suka samu a shekarar da ta gabata. Cikinsu akwai ƴan Nijar da suka daɗe can, waɗanda suka ci bashin banki suka sayi ɗan gida a bene suka sa ɗan haya. Da yawa na zaton duk abin da ɗan haya ya biya shi ake ɗora wa lampo. Dokar kuwa ta bar mai gida ya cire wasu kuɗin da ya kashe, haraji ya hau ragowar kaɗai. Sai dai hanyoyin biyu ne, kuma zaɓen wadda ba ta dace ba na iya cinye daidai da hayar wata guda.

Wannan bayani ya shafi gidan da aka bayar babu kayan ɗaki. Wanda ke da gado, tebur da kayan girki na ƙarƙashin wani tsari dabam.

Hanya ta farko ana kiranta micro-foncier. Wanda hayarsa ta shekara ba ta wuce yuro 15,000 ba, a nan yake tun farko. Zai rubuta jimillar hayar, ba tare da ya rage ko sisi ba, a gurbin 4BE na takarda mai lamba 2042. Hukumar haraji da kanta ke cire kashi 30 cikin ɗari a madadin duk ɗawainiyar gidan. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya cire kashi 30 ɗin da hannunsa kafin ya rubuta: ragi ya zama sau biyu ke nan, kuma ranar da aka gano zai biya cikon har da kuɗin jinkiri.

Hanya ta biyu ita ce régime réel, inda ake lissafa ainihin abin da aka kashe a takarda mai lamba 2044. Tilas ce ga wanda ya haura yuro 15,000. Wanda bai kai ba na iya zaɓarta, amma in ya shiga sai ya yi shekara uku bai fita ba.

A ɗauki misalin wani direba da ke zaune kusa da Lyon, mai gida guda da ake biya yuro 700 a wata, ban da kuɗin ruwa da share-share da ɗan haya ke ƙarawa. A shekara ya karɓi 8,400. Kuɗin ajiya da ɗan hayar ya bayar ranar shiga ba su cikin wannan adadi, don amana ce da za a mayar, sai fa in an riƙe su a maimakon hayar da ba a biya ba. Haka kuma da ɗan hayar ya tsallake wata guda, mai gida ba zai bayyana wannan watan ba: abin da ya shigo hannu cikin shekarar ake ƙirgawa.

Ta hanya ta farko, za a cire masa 2,520, haraji ya hau 5,880.

Ta hanya ta biyu sai an buɗe takardu. Yana biyan banki yuro 520 kowane wata, wato 6,240 a shekara, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Uwar kuɗin da ake mayarwa ba ta ciruwa, ruwan bashin kaɗai ke ciruwa. Jadawalin biya da banki ya ba shi ya raba su, ya nuna ruwan shekarar 1,900 ne. Harajin gida, taxe foncière, ya zo masa 900, amma 150 daga ciki kuɗin kwashe shara ne da doka ta ba shi damar karɓa daga ɗan haya, don haka 750 zai rubuta. Inshorar gidan 130. Kamfanin da ke karɓar masa haya ya ci 590. Kason da ya zuba wa masu kula da benen 600, wanda za a daidaita baɗi in an rufe lissafin benen. Tukunyar ruwan zafi ta mutu cikin sanyi, ya sa sabuwa kan 1,100. Sai yuro 20 da doka ta yanke wa kowane gida don waya da wasiƙu. Jimilla 5,090. In aka cire daga 8,400, saura 3,310, kuma wannan adadin ne ke tafiya gurbin 4BA na takarda 2042.

Tsakanin 5,880 da 3,310 akwai 2,570. Kuɗin haya na ɗaukar haraji iri biyu: na samun kuɗi bisa matakin da mutum yake, da kashi 17.2 na asusun jin daɗin jama'a. In direban na matakin kashi 11, jimilla kashi 28.2 ke nan, ribar zaɓen hanya ta biyu ta kai kusan yuro 725, wajen jikka 475 na sefa. Ma'aunin dai mai sauƙi ne: ɗawainiyar da ta wuce kashi 30 na haya ta cancanci wahalar cike 2044. Amma tunda shekara uku ne, a duba baɗi da baɗin baɗaɗa. Direban ko ba tukunyar ruwa yana da 3,990, har yanzu sama da 2,520. Wanda ya gama biyan banki, gidansa kuma lafiya lau, sau da yawa hanya ta farko ta fi masa.

Wurin da gardama da hukuma ta fi tashi shi ne aikin gini. Gyaran rufi mai yoyo, sabunta wayoyin lantarki da suka tsufa, canza tagogi, duk suna ciruwa, haka ma ingantawa a gidan kwana, kamar sa makewayi na zamani. Ƙara ɗaki, ɗaga bene ko rushewa a sake ginawa ba sa ciruwa, komai yawan abin da suka ci. Mai gidan da ya yi fenti da hannunsa ranar hutu zai cire kuɗin fenti da buroshi in yana da takardar saye, amma guminsa ba shi da farashi a idon hukuma. Wanda kuma ya kira ɗan uwa ya yi masa aiki, ya biya hannu da hannu babu takarda, ya yi arha ranar nan, ya rasa abin nunawa ranar bincike. Hukumar na iya waiwayar shekara uku baya.

Wani lokaci ɗawainiya na fin haya. Da direban ya kashe 6,000 a gyara maimakon 1,100, jimillar za ta zama 9,990, ya faɗi da 1,590. Wannan faɗuwar ana rubuta ta a gurbin 4BC, a rage ta daga sauran samunsa, har da albashi, iyaka yuro 10,700 a shekara. Abin da ya haura haka, da faɗuwar da ruwan bashi ya jawo, ana ajiye su a cire daga hayar shekaru goma masu zuwa. Sharaɗin shi ne gidan ya ci gaba da zama na haya har 31 ga Disamba na shekara ta uku bayan ragin. Wanda ya sayar ko ya koma ciki da iyalinsa kafin nan, za a sake masa lissafi.

Saura gidan da ke gida. Mazaunin Faransa da ya gina a Maraɗi ko Yamai, ƙanensa na karɓar masa haya, wajibi ne ya bayyana wannan kuɗin ma, ta takarda mai lamba 2047 ta samun ƙasashen waje. A Disamban 2023 Nijar da Mali sun sanar da soke yarjejeniyarsu ta haraji da Faransa, wadda ke hana a caji mutum sau biyu. Takardun siminti, na magini da na lampon da aka biya a Nijar, waɗanda galibi ke ɓacewa a aljihun mai kula da gida, yanzu sun cancanci a ɗauki hotonsu a tura wa mai gida ranar da aka biya.