Takardar Neman Hutun Jarrabawa da Albashi: Abin da Manaja Ke Dubawa Kafin Ya Sa Hannu

Sau biyu a shekara, cikin watan Maris da watan Satumba, ƙananan akawuna masu neman zama ƙwararru a aikin lissafin kuɗi sukan zauna jarrabawar da ake kira ATSWA. A Nijeriya mai shirya ta ita ce ƙungiyar ƙwararrun akantoci, watau ICAN, wadda aka kafa da doka cikin 1965. Jarrabawar hawa uku ce, kowane hawa da darussa huɗu. Da yawa daga cikin masu zamanta ma'aikata ne, suna ofis da rana suna karatu da dare, saboda haka in lokaci ya matso tilas kowa ya ɗauki alƙalami ya roƙi shugabansa hutu. Takardu da yawa a nan suke mutuwa. Sau da yawa kuwa ba mugunta ce ta manaja ba, takardar ce ba ta ba shi abin da zai sa wa hannu ba.

Kafin a rubuta ko kalma ɗaya, ya kamata mutum ya san ko hakkinsa yake nema ko alfarma. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci hutun shekara na kwana 6 na aiki a ƙalla, da cikakken albashi, bayan ya yi wata 12 yana aiki ba yankewa. Amma ba ta tilasta wa kamfani ya ba kowa hutun karatu ba. To, mai aikin kamfani sai ya koma ga takardar ɗaukarsa aiki da littafin ƙa'idodin ma'aikata. In akwai sashen da ya ambaci hutun jarrabawa, sai ya kawo lambarsa cikin takarda. In babu, alfarma yake nema, ya kuwa rubuta da harshen mai neman alfarma.

Mai aikin Gwamnatin Tarayya ya fi shi madafa. Tsohon littafin ƙa'idodin aikin gwamnati, bugun 2008, ya raba jarrabawa iri biyu: wadda sharaɗin aikin mutum ya wajabta masa, da wadda shi ya ga dama ya shiga. A wancan bugun, ko ta biyun an yarda a ba shi hutu da albashi, in shugaban ma'aikatarsa ya shaida cewa cin jarrabawar zai ƙara masa amfani ga aiki, aka kuma ga shaidar shiga da jadawali. Sai dai hutun gajere ne, gwargwadon abin da zai kai mutum wurin jarrabawa, ya zauna, ya komo. Jihohi da ƙananan hukumomi, waɗanda suka gaji En'e tun gyaran 1976, kowa da nasa littafin, a duba shi tukuna.

Wannan ƙa'ida ta gwamnati tana nuna mana wani abu da ya shafi kowa, har da na kamfani. Kwanakin da akawu ke nema ba iri ɗaya ba ne. Akwai kwanakin zama jarrabawa da na hanya, waɗanda ba wanda zai yi gardama a kansu, don mutum ba ya zama wuri biyu. Akwai kuma kwanakin bita, waɗanda manaja ke iya cewa a yi su da dare ko ran Asabar. Wanda ya cuɗa su wuri ɗaya ya ce yana son "hutun mako biyu" ya ba manaja zaɓi biyu kaɗai, i ko a'a, a'a kuwa ta fi sauƙin faɗa. Wanda ya rarrabe su ya buɗe ƙofa ta uku.

Bari mu ɗauki misali. A ce akawu ne a ofishin kuɗi na wani kamfanin cinikin amfanin gona a Haɗejiya, ya shekara uku yana aiki, albashinsa Naira 132,000 a wata, zai zauna hawa na biyu a Kano. A ce jadawali ya nuna Talata 15 da Laraba 16 ga Satumba. Litinin 14 ga wata ranar tafiya ce, Alhamis 17 ranar komowa, don takardar ƙarshe ba ta ƙarewa sai da yamma. Kwana 4 ke nan waɗanda ba makawa. Yana kuma son makon da ke gabansu, daga Litinin 7 zuwa Jumma'a 11, don bita. Kwana 5 ke nan. Jimla kwana 9 na aiki. In aka raba albashinsa bisa kwana 22 na aiki, kowace rana Naira 6,000 ce, watau abin da yake roƙon kamfani ya ɗauka Naira 54,000 ne, 24,000 na jarrabawa da hanya, 30,000 na bita. Manaja zai yi wannan lissafi a ransa ko an so ko ba a so ba, gara ya tarar an riga an yi masa.

Yawancin ofisoshi da Turanci za a rubuta takardar, amma jerin maganar ɗaya ne. Ga yadda za ta kasance:

"Zuwa ga Manaja, ta hannun Babban Akanta.

Ranka ya daɗe,

Neman hutun jarrabawa da albashi, 7 zuwa 17 ga Satumba.

Bayan gaisuwa da ladabi, ina roƙon a ba ni hutun kwana 9 na aiki da albashi, daga Litinin 7 zuwa Alhamis 17 ga Satumba, in komo bakin aiki ran Jumma'a 18. Zan zauna hawa na biyu na jarrabawar ATSWA a Kano ran 15 da 16 ga wata. Kwana 4 na jarrabawa ne da hanya, kwana 5 na bita. Ga shaidar rajista da jadawali na haɗo.

Cikin darussan akwai na shirya lissafin kuɗi na ƙarshen shekara, aikin da yanzu Babban Akanta ke yi shi kaɗai. In na ci, zan iya ɗauke masa wani sashe.

Zan gama daidaita lissafin banki na watan Agusta kafin Jumma'a 4 ga Satumba. Malam Wane ya yarda zai riƙe littafin ƙananan kuɗi da mabuɗin akwati, za mu ƙirga kuɗin tare mu sa hannu a wannan rana. Aikin albashi ba ya farawa sai bayan 20 ga wata, zan kuwa riga na komo.

In kamfani bai ga damar biyan kwanakin duka ba, ina roƙon a ba ni kwana 4 da albashi, sauran 5 a cire daga hutuna na shekara. Zan yi murna in na sami amsa kafin 31 ga Yuli.

Ni ne naka mai biyayya."

Mai karatu zai lura roƙon yana cikin jimlar farko, da kwanan wata, da adadi, da ranar komowa. Akawunanmu da yawa sukan cika rabin shafi da gaisuwa da tarihin yadda suka sha wuyar karatu, sa'an nan su ɓoye bukatar can ƙasa. Ladabi wajibi ne, amma layi ɗaya ya ishe shi. Manaja yana da tarin fayil gabansa, abin da yake so shi ne ya rubuta "na yarda" a gefe, ma'aji ya karanta ya gane ba sai ya tambayi kowa ba.

Sakin layi na uku shi ne zuciyar takardar, a ganina ya fi na biyu nauyi nesa. Amfanin satifiket abu ne na baɗi, manaja ma yana iya tsoronsa, don ya san akawu in ya ƙware wani kamfani na iya zuwa ya ɗauke shi. Amma wanda zai riƙe akwati ran Litinin damuwa ce ta yau. Cewa "abokan aikina za su taimaka" ba ta wadatar ba. A ambaci mutum ɗaya, a kuma tabbata an tambaye shi tukuna, don ba abin da ke kashe takarda kamar manaja ya kira Malam Wane ya ce bai san zancen ba. Zancen ƙirga kuɗi da sa hannu kuwa kariya ce ga akawun kansa, don in aka sami giɓi bayan tafiyarsa an san a hannun wa ya faru.

Wani zai ce, ai wanda ya kawo zaɓi na biyu da kansa ya koya wa manaja ya ba shi ƙarami. Akwai gaskiya a ciki. Inda littafin ƙa'idodi ya ba da hutun a fili, kada a kawo shi ko kusa, hakki ba a yi masa ragi. Amma inda alfarma ce, kwana 4 a hannu sun fi 9 da aka hana.

Wani lokaci kamfani yakan amsa da sharaɗi, ya ce mutum ya ɗauki alkawarin zama bayan jarrabawa. Ba laifi, amma fa a rubuta shi da adadi. A misalinmu, abin da ya dace shi ne alkawarin wata 12, in akawu ya bar aiki kafin nan ya biya Naira 4,500 kan kowane wata da ya rage, watau 54,000 a raba 12. Wanda ya tafi bayan wata 8 bashinsa 18,000 ne, ba ƙari. Alkawarin shekara uku saboda hutun kwana 9 ciniki ne na asara, haka nan wanda bai faɗi abin da za a biya ba. A kuma tambaya tun da wuri, in an fāɗi jarrabawa fa? Waɗansu wurare sukan biya zama na farko kaɗai, na biyu sai mutum ya ci hutunsa na shekara.

Game da lokaci, mako shida kafin tafiya shi ne mafi ƙaranci, in ana iyawa ma a sanar da baki tun kafin a biya kuɗin rajista. Malamin makaranta hanyarsa ta fi tsawo, don takardarsa za ta bi ta hannun hedimasta zuwa Sakataren Ilimi, sai ya ƙara makonni, ya kuma faɗi wanda zai riƙe masa aji da darussan da zai bar masa a rubuce. A yi kwafi biyu, mai karɓar wasiƙu ya buga hatimi da kwanan wata kan ɗaya, a ajiye.

In 31 ga Yuli ta wuce shiru, sai a bi sawu da gajeriyar takarda mai ambaton ta farko da ranar da aka karɓe ta. In kuwa manaja ya tare mutum a baranda ya ce "ba komai, je ka abinka", a gode masa, sa'an nan a roƙe shi ya rubuta haka a gefen takardar ya sa hannu. Ana iya yi masa canjin wuri kafin Satumba, mai shirya albashi kuwa fayil yake dubawa, in bai ga izini ba sai ya rubuta kwana 9 na fashin aiki ya yanke Naira 54,000.